Gwangwanin Gwaggo: Yadda Ake Lissafin Zakkar Kuɗi, Zinari da Kayan Kasuwa

 



Bara muka karanta babin zakka a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, na kuma ci jarrabawarsa ba laifi. Na ɗauka na iya. Sai ranar da gwaggona mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Tamale ta miƙo mini littafin shagonta ta ce, "Ɗana, tunda kai ne malamin gidan, zauna ka faɗa mini nawa ne zakkata bana." Wallahi nan na ga iyakata. A littafi dinari ne da dirhami, a shago kuwa sidi ne da MoMo da susu da bashin mutanen Kumasi. Sau uku ina komawa wurin malaminmu na fiƙihu kafin lissafin ya tsaya. Abin da na koya ne zan rubuta a nan. Adadin kuɗin da za ku gani na sauya su, na mai da su masu sauƙin lissafi, don kada in tona asirin dukiyar mutane.

Farko dai nisabi, wato mafi ƙarancin dukiyar da zakka take hawa kanta. Na zinari dinari 20 ne, malaman wannan zamani suka auna shi da giram 85. Na azurfa dirhami 200 ne, wato giram 595. Sidi ba shi da nisabin kansa, da ɗayan waɗannan biyun ake gwada shi. Ma'ana nisabi a sidi ba lamba ba ce da za ka haddace sau ɗaya ka huta. Kullum farashin zinari ya motsa, shi ma ya motsa. Mu ɗauka, don misali kawai, giram ɗaya na tsantsar zinari sidi 1,000 ne: nisabi ya zama 85,000. Mu ɗauka giram na azurfa sidi 12 ne: nisabi ya zama 7,140. Kun ga tazarar? A zamanin Manzon Allah (SAW) nisaban biyu sun yi kusa da juna, dinari ɗaya yana kamar dirhami goma. Yau azurfa ta faɗi ƙasa warwas. Shi ya sa malamai suka rabu: wasu, irin su Shaihu Yusuf Alƙardawi a littafinsa Fiƙhuz Zakat, sun rinjayar da zinari, wasu kuma sun ce a bi azurfa domin ita ta fi amfanar talaka. Mai sidi 20,000 a ajiye shi ne saɓanin ya shafa, sai ya je wurin malaminsa ya ji. Gwaggo kam ta wuce duka biyun, ba ta da mafita.

Abu na biyu shi ne hauli, cikar shekara a kan dukiya, kuma shekarar wata ake nufi, kwana 354 ko 355. Ta gaza shekarar Bature da kamar kwana goma sha ɗaya. Wanda ya ce shi sai ƙarshen Disamba yake lissafi, to kowace shekara yana jinkirta haƙƙin mutane, kuma a cikin shekara 33 zakkar shekara guda cur ta ɓace masa. Don haka ne wasu malamai suka ce wanda dole ta sa shi bin shekarar Bature ya fitar da kashi 2.577 cikin ɗari maimakon biyu da rabi. Ranar Gwaggo ita ce goma ga Muharram, watan da 'yan'uwanmu Dagomba ke kira Bugum. Tun shekarar da jarinta ya fara kai nisabi take kan wannan rana, ba ta taɓa mantawa.

Abin da ake fitarwa kuwa rubu'in ushuri ne, ɗaya cikin arba'in. Ba sai ka wahalar da kanka da kaso cikin ɗari ba: tara dukiyar, ka raba gida arba'in, ka ɗauki gida ɗaya.

To, ga yadda muka yi a ranar.

Mun fara da tsabar kuɗi, don shi ne mai sauƙi. A akwatin shago akwai 6,000. A wayarta, cikin MoMo, 9,000. A banki 40,000. A hannun mai susu da ke zagayowa kullum da yamma akwai 3,000. Gwaggo ta so ta bar na susu, wai ai ba ya hannunta. Amma nata ne, ajiya ce, ƙarshen wata za a kawo mata, sai dai a cire ladan mai susun. Jimla 58,000. Kuma ba a tambaya wane sidi ne ya shekara, wane ne ribar jiya. A mazhabar Imamu Malik ribar kasuwanci tana bin shekarar uwar jarinta, ko da jiya aka same ta.

Sai kayan shago, inda na fi shan wuya. A nan Malikiyya suna da wani rabe-rabe da sauran mazhabobi ba su da shi, kuma ya dace da kasuwanninmu ƙwarai. Ɗan kasuwa iri biyu ne. Akwai mudiri, mai jujjuya kaya: ya saro, ya sayar a farashin ranar, ya sake sarowa, kamar mai atamfa, mai tireda, mai sayar da kayan babur. Akwai kuma muhtakiri, mai jiran kasuwa: kamar mutumin da ke sayen buhunan masara ko ƙwarar kaɗanya a Aboabo lokacin kaka, ya kulle a sito sai sun yi tsada. Mudiri kowace shekara a ranar haulinsa zai yi wa kayansa ƙima ya haɗa da kuɗinsa, muddin ya yi ciniki na kuɗi a cikin shekarar, ko kaɗan ne. Muhtakiri kuwa ba ya yi wa kaya ƙima. Sai ranar da ya sayar, in shekara ta cika a kan jarin kuma abin da ya karɓa ya kai nisabi, ya fitar da zakkar shekara ɗaya, ko da kayan sun yi shekara uku a sito. Mafi yawan malaman sauran mazhabobi sun ce kowa ya yi ƙima duk shekara. Ni a nawa ƙaramin gani, mai masarar nan da ya san sitonsa ya fi shagon Gwaggo kuɗi, in ya bi maganar masu rinjaye bai yi asara ba. Amma wannan ra'ayin ɗalibi ne, ba fatawa ba.

Gwaggo mudira ce, sai muka rufe shago bayan la'asar muka hau ƙirga. Turmin atamfa 150, sai leshi da shadda guda 20. Tambayar ita ce da wane farashi? Gwaggo ta ce da wanda ta saro, 260 kowane turmi. Ni kuma na ce da wanda take fara faɗa wa mai saye, 380. Dukkanmu mun kuskure. Malam ya ce ƙimar ranar ake bi, wato abin da kayan zai kawo in an sayar da shi yau kuɗi hannu, ba tare da an karyar ba, ba kuma farashin buɗe ciniki ba, wanda kowa ya san sai an rage. Ya ba mu shawara mu tambayi farashin sari na wannan mako. Da muka tambaya, atamfar ta tsaya a 300 in an haɗa mai tsada da mai araha: 45,000 ke nan. Leshi da shadda 750 kowanne: 15,000. Kaya duka 60,000. A cikinsu akwai wasu turame tsohon yayi da suka yi kwantai shekara biyu. Kwantai ba ya fitar da su daga lissafi, sai dai a yi musu ƙimar da suka kai yanzu, ko da ta gaza kuɗin da aka saro su. Teburi da kanta da fanka da kwantenar shagon kanta ba mu sa su ba, domin ba don sayarwa aka ajiye su ba, kayan aiki ne.

Bashin da Gwaggo take bi 12,000 ne, duka na atamfar da aka ɗauka ba a biya ba. Na 8,000 yana hannun mutanen da muka sani, ma'aikata da teloli masu biya a ƙarshen wata. Wannan mudiri yana haɗa shi, don ana sa ran zuwansa. Na 4,000 kuwa wata ce ta kwashi kayan biki, ta bar gari, wayarta ma ba ta shiga. Wannan a ajiye shi gefe. In Allah ya sa wata rana ya dawo, sai a fitar masa da zakkar shekara ɗaya lokacin da aka karɓa.

Yanzu zinari. Iyayenmu mata, a nan ne nake roƙon ku saurara. 'Yan kunne da sarƙa da zoben da mace take sawa don ado, a mazhabar Malik babu zakka a kansu, haka ma wurin Shafi'i da Ahmad. Abu Hanifa ne ya ce akwai. Amma zinarin da aka saya aka ɓoye don maganin wata rana, wanda niyyar mai shi ita ce in ta ɓaci a sayar, wannan ajiyar dukiya ce, ko da siffar sarƙa yake. An ambaci hukuncinsa a Mukhtasar na Shaihu Halil. Da na faɗa wa Gwaggo haka sai ta yi shiru, can ta ce, "To, na cikin adaka fa? Tun da sidi ya fara lalacewa na saye su, ban taɓa sawa ba." Na ce, "Gwaggo, ai kin ba da amsa da kanki."

Muka kai wa maƙerin zinari ya auna: giram 40, karat 18. Kada ku ninka 40 da farashin zinari kai tsaye. Tsantsar zinari karat 24 ne. Karat 18 kuwa kashi uku cikin huɗu ne zinari, sauran gami ne na jan ƙarfe da makamantansa. Giram 40 ɗin nan, zinarin cikinsa giram 30 ne, a farashin misalinmu 30,000. Wani zai ce ai giram 30 bai kai 85 ba. Gaskiya ne in shi kaɗai ta mallaka. Amma zinari da kuɗi da ƙimar kayan kasuwa jinsi ɗaya ne a wannan babi, haɗa su ake yi kafin a gwada da nisabi.

Daga nan sai bashin da ake bin ta: 25,000 na wani dila a Kumasi, kuɗin kayan da ta ɗauko kafin Babbar Salla. Bashi ana cire shi daga dukiyar kuɗi da ta kasuwa. Sai dai Malikiyya sun sa sharaɗi wanda mutane da yawa ba su sani ba: in mai bashin yana da wata kadara da ta wuce buƙatarsa, wadda za a iya sayarwa a biya, kamar fili na biyu ko keken kaya da yake ajiye, to a jingina bashin a kanta, a fitar da zakkar kuɗin cikakke. Malam ya tambaye ni ko Gwaggo tana da irin wannan. Ba ta da shi, sai muka cire.

Ga lissafina na farko: 58,000 da 60,000 da 8,000 da 30,000 sun zama 156,000. A cire 25,000, saura 131,000. A raba arba'in, 3,275. Na kai wa Malam ina murna. Ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Ina kuɗin gwangwanin da ka ba ni labari?"

Wannan gwangwani shi ne dalilin rubutun nan. Gwaggo tana da dabara mai kyau. Zakkarta ta bara 2,400 ce, kuma fitar da ita gaba ɗaya ya taɓa jarinta, don Muharram yana zuwa ne bayan hidimar Babbar Salla, lokacin da kasuwar atamfa ta yi sanyi. Sai ta raba 2,400 gida goma sha biyu, duk ganin wata ta sa 200 a wani gwangwanin madara, ta ce na zakka ne. Babu laifi a haka, ni ma ina ba kowa shawarar ya yi. Amma mun jahilci matsayin kuɗin cikin gwangwanin.

Kuɗin nan har yanzu nata ne. Zakka ba ta wajaba ba sai ranar hauli, kuma ba ta fita ba sai ta shiga hannun mai haƙƙi. Saboda haka ranar lissafi dole a ƙirga shi cikin dukiya kamar kowane sidi. Haka nan da ɓarawo zai ɗauke gwangwanin a watan Rajab, asarar Gwaggo ce, ba ta talakawa ba. In Muharram ya zo za ta fitar da zakkar abin da ya rage cikakkiya. Ni da na bar shi a waje, na rage wa masu haƙƙi kuɗinsu ban sani ba.

Da muka buɗe gwangwanin kuma, 2,000 muka samu maimakon 2,400. Gwaggo ta ce a watan Rabi'us Sani yaron maƙwabciyarta ya kwanta asibiti, ta ciro 400 ta ba uwar. Matar mabuƙaciya ce ta gaske, babu shakka. Gwaggo tana so a lissafa wannan cikin zakkar bana. Na koma wurin Malam karo na uku na ce, "Allah gafarta Malam, ya halatta?" Ya ce a mazhabar Malik zakka ibada ce mai lokaci, kamar salla. An yi rangwame a gabatar da ta kuɗi da ɗan lokaci kaɗan, kamar wata ɗaya kafin hauli. Wata tara kuwa ya yi nisa, abin da ta bayar sadaka ce, ladanta yana nan, amma bai sauke farilla ba. Ya ƙara da cewa Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta gabatarwa ga wanda ya riga ya mallaki nisabi, suna kafa hujja da izinin da aka ruwaito Annabi (SAW) ya yi wa baffansa Abbas ya gabatar da tasa. Wanda yake son ya riƙa bayarwa wata-wata bisa wannan fahimta, ya nemi malami tun farko, ya ƙulla niyyar zakka, ya rubuta kowane abin da ya bayar da ranarsa. Amma mutum ya yi kyauta don tausayi, bayan watanni ya waiwayo ya ce a sa masa a zakka, Malam ya ce shi ba zai ɗaure wa wannan gindi ba. Gwaggo ba ta ji daɗi ba, ta yi ɗan gunaguni, amma ta karɓa.

Lissafi na gaskiya ke nan: 131,000 da 2,000 na gwangwani, 133,000. A raba arba'in, 3,325. Gwangwani ya kawo 2,000, ta cika 1,325 daga akwatin shago. Bambancin lissafina na farko da wannan sidi 50 ne kawai, amma sidi 50 abincin wani gida ne.

Ku lura, ko da ba ta taɓa gwangwanin ba, 2,400 ba za ta isa ba. Abin da ake tarawa wata-wata kintace ne bisa shekarar da ta wuce, dukiya kuwa ba ta tsaya ba. A ƙasar nan ma abin ya fi tsanani. Duk mun tuna Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. A irin wannan shekara turamen da ke kan kanta ba su ƙaru ko ɗaya ba, amma ƙimarsu a sidi ta tashi, ta zinari ma haka, zakka kuma ta bi su. Wanda ya juye gwangwani ya raba ba tare da ya zauna lissafi ba, zai iya ba da kashi biyu cikin uku na abin da ke kansa yana zaton ya gama. Alamar da za ka gane kintacenka ya tsufa ita ce farashin sari: in abin da kake sarowa 260 ya koma 300, to 200 ɗin wata ma ta tsufa.

Kafin in rufe, kalma ɗaya ga ma'aikata masu ajiye wani abu daga albashi, don wani malamin makarantar boko a unguwarmu ya tambaye ni. Albashi da kyauta da gado ba riba ba ne, ana kiransu fa'ida, kuma a wurin Malikiyya ba sa bin shekarar wani jari. Shekara tana farawa ne ranar da ajiyar ta cika nisabi, abin da ya shigo bayan haka kuma kowanne da tasa shekarar. Wannan zai sa mutum ya riƙe ranaku goma sha biyu a ka. Hanafiyya sun ce duk abin da ya shigo a tsakiyar shekara a haɗa shi da nisabin farko, a fitar rana ɗaya, kuma malamai da yawa na yanzu suna ba ma'aikata wannan shawara don ta fi sauƙi, talaka kuma ba ya cutuwa da ita.

Rabon kuɗin Gwaggo bai ɗauki kwana biyu ba, don ba a son jinkiri bayan hauli ya cika. Masu haƙƙi kashi takwas ne, suna cikin Suratut Tauba aya ta 60, kuma Malikiyya sun fi son a raba a garin da dukiyar take, sai in akwai waɗanda suka fi buƙata a wani wuri. Maƙwabciyar nan mai yaro a asibiti tana cikin waɗanda aka fara kai wa, wannan karon da niyyar zakka.

Na bana kuwa, 3,325 in an raba goma sha biyu yana ba da kusan 277. Na ce ta riƙa sa 300, kuma in Rajab ya kama mu sake duba farashin sari da na zinari, in sun tashi mu ƙara. Ta sayo gwangwani na biyu, ƙarami, ta ajiye kusa da na farko, ta ce in rubuta musu suna da ajami don kada hannunta ya sake ruɗewa. A jikin babban na rubuta zakka, a jikin ƙaramin sadaka.